Abubuwan da ya kamata ka sani game da miƙa aikin jinya da tsarin SBAR

Rahoton da nas ke rubutawa a lokacin duti yana bin agogo ne: abin da ya faru ƙarfe 10 na dare shi ne a sama, na ƙarfe 6 na safe shi ne a ƙasa. Wannan tsari ya dace da ajiye tarihi. Amma nas ɗin da ta shigo da safe za ta karɓi ɗaki mai cike da majinyata, abin da ta fi buƙatar ji shi ne wanda za ta fara dubawa, da abin da za ta yi masa, da lokacin da za ta yi shi. Sau da yawa amsar tana nan cikin rahoton, sai dai a warwatse take, rabi a layi na uku, rabi a layi na tara. Aikin SBAR shi ne tattaro ta wuri guda.

## Mene ne SBAR, kuma daga ina ya fito?

Haruffa huɗu ne na farkon kalmomin Ingilishi, kowanne yana wakiltar tambaya guda. S yana tambayar halin da majinyaci yake ciki yanzu. B yana tambayar abin da ya gabata wanda ya shafi wannan hali. A yana tambayar abin da kai ma'aikacin jinya ka auna da yadda ka fahimce shi. R kuma yana tambayar abin da kake so a yi.

Ana danganta asalin tsarin da sojojin ruwan Amurka masu aiki a jiragen ƙarƙashin teku, inda ƙaramin jami'i ke buƙatar isar da labari ga kwamanda a taƙaice. A farkon shekarun 2000 ne ma'aikatan Kaiser Permanente a Amurka, cikinsu da likita Michael Leonard, suka shigo da shi harkar asibiti. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ambace shi cikin shawarwarinta kan yadda ake miƙa majinyaci daga hannu zuwa hannu. Inda ake aiki da Faransanci za ka iya cin karo da takwaransa mai suna SAED, wanda hukumar kula da ingancin lafiya ta Faransa ta fitar a 2014. Wasu asibitocin kuma suna ƙara I a gaba ya zama ISBAR, domin a fara da tantance wanda ake magana a kansa.

## Rahoton da za mu yi aiki da shi

Ga misalin da aka tsara domin koyarwa. Namiji ne mai shekara 34, nauyinsa kilo 60, yana gado na 7 a ɗakin maza na tiyata. Kwana huɗu ke nan da yi masa aiki saboda taifot ta huda masa hanji. Nas ɗin dare ta rubuta abin da ke tafe, an mayar da shi Hausa:

“Ƙarfe 10 na dare: na karɓi majinyaci cikin hayyacinsa. Matsin jini 118/76, bugun zuciya 96, numfashi 18, zafin jiki 37.8, oksijin 97. Ruwa yana tafiya, lita ɗaya a awa 8. An zubar da jakar fitsari. Ƙarfe 12: an ba shi metronidazol, ya yi barci. Ƙarfe 2: ya koka da ciwon ciki, an ba shi farasitamol giram 1 ta jijiya. Matsin jini 108/68, bugu 108, numfashi 20, zafi 38.4, oksijin 96. Ƙarfe 3: kanula ta toshe. Ƙarfe 4: ƙaninsa ya ce ya kira shi da sunan wani, kuma yana ta tambayar inda yake. An kwantar wa ƙanin da hankali. Ƙarfe 5: an sa sabuwar kanula. An canza zanin gado. Ƙarfe 6: matsin jini 98/60, bugu 118, numfashi 24, zafi 37.6, oksijin 95. Fitsari mililita 160. Robar ciki ta fitar da mililita 150, ruwan ya yi duhu-duhu. Ba a ba da seftiriyazon ba, 'yan uwa ba su sayo ba. Bandeji a bushe. Zazzaɓi ya sauka. Ya kwana da sauƙi.”

Ba za a ce wannan nas ba ta yi aiki ba. Ta auna, ta ba da magani, ta rubuta lokaci. Amma wanda ya karanta layin ƙarshe kaɗai, kuma da yawa haka suke yi idan aiki ya yi yawa, zai tafi da cewa mutumin yana samun sauƙi. Alƙaluman da ke cikin rahoton kuwa akasin haka suke faɗa.

## Matakin farko: jera awo kusa da juna kafin ka rubuta komai

Kada ka fara da cike gurbin S. Ka ɗauki takarda ka fitar da kowane irin awo a layinsa, daga na farko zuwa na ƙarshe. Lambar sama ta matsin jini ta sauko daga 118 zuwa 108 zuwa 98. Bugun zuciya ya hau daga 96 zuwa 108 zuwa 118. Numfashi ya tashi daga 18 zuwa 20 zuwa 24. Ko wanne cikin waɗannan, in an ɗauke shi shi kaɗai, ana iya samar masa uzuri: ciwo yana ɗaga bugun zuciya, barci yana sauke matsin jini. Idan aka jera su, sai a ga cewa awa takwas cur suna tafiya hanya ɗaya ba tare da juyowa ba. Da ƙarfe 6 bugun zuciya ya haura lambar sama ta matsin jini, 118 a kan 98, kuma wannan sananniyar alama ce ta cewa jini ba ya zagayawa yadda ya kamata.

Daga nan sai fitsari. “Mililita 160” ba ta da ma'ana har sai an san a cikin awa nawa ne, kuma ga mutum mai wane nauyi. An zubar da jaka ƙarfe 10 na dare, an auna ƙarfe 6 na safe, awa 8 ke nan, wato mililita 20 a kowace awa. Ƙa'idar da aka saba da ita ga babba ita ce aƙalla rabin mililita ga kowane kilo a awa ɗaya. Mai kilo 60 ya kamata ya yi 30 a awa, 240 a awa 8. Ya gaza da mililita 80.

Akwai kuma abin da rahoton bai faɗa baro-baro ba, amma lissafi ya fito da shi. Kanula ta toshe ƙarfe 3, an sa sabuwa ƙarfe 5. Lita ɗaya a awa 8 tana nufin mililita 125 a awa, don haka ya rasa kusan mililita 250 na ruwa, alhali ba ya ci ba ya sha ta baki. Layuka biyu ne da ke nesa da juna, sai an haɗa su abin ya bayyana.

Saukar zazzaɓin ma tana buƙatar a dube ta da kyau. Zafin ya sauka daga 38.4 zuwa 37.6 awa huɗu bayan an ba shi farasitamol. Magani ne ya sauke shi, kuma a daidai lokacin da sauran alamun ke ƙara lalacewa. Duk inda ka rubuta zafin jiki a takardar miƙa aiki, ka rubuta lokacin da aka ba da maganin zazzaɓi na ƙarshe a gefensa.

Idan asibitinku yana aiki da makin gargaɗi irin NEWS2, wanda kwalejin likitoci ta Landan ta fitar a 2017, nan ne wurinsa. A wannan misalin makin ya kama 1 da ƙarfe 10, ya zama 3 da ƙarfe 2, ya kai 7 da ƙarfe 6: biyu daga numfashi, ɗaya daga oksijin, biyu daga matsin jini, biyu daga bugun zuciya. A tsarin, maki 7 ko sama da haka yana buƙatar a duba majinyaci cikin gaggawa. Ba a yin amfani da wannan ma'auni ga yara 'yan ƙasa da shekara 16 ko ga masu juna biyu.

## Mataki na biyu: raba abin da aka gani, abin da aka ji, da abin da ake zato

Jimloli iri uku ne ke cakuɗe a rahoto, kuma kowanne da nauyinsa. “Bugu 118” abu ne da aka auna. “Ƙaninsa ya ce ya kira shi da sunan wani” abu ne da aka ji daga bakin wani. “Ya kwana da sauƙi” ra'ayi ne, kuma a nan ra'ayin ya saɓa wa awo, saboda haka ba zai shiga takardar miƙa aiki ba.

Maganar ƙanin ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali tana iya zama mafi nauyi a duk rahoton. A asibitocinmu ɗan'uwan da ke kwana gefen gado ya fi kowa sanin yadda majinyaci yake magana lokacin da yake lafiya. Sabon ruɗewar hankali a jikin wanda aka yi wa aikin hanji yana cikin alamun cewa cuta ta bazu a jini. A NEWS2 shi kaɗai maki 3 ne, wanda zai kai jimillar zuwa 10. Amma nas ɗin ba ta rubuta cewa ta gwada hankalinsa da kanta ba. To yaya za a shigar da shi? Kada ka rubuta “ya ruɗe” kamar ka tabbatar, kada kuma ka jefar da maganar. Ka koma gadon ka tambaye shi sunansa, da inda yake, da ko yau wace rana ce, ka rubuta abin da ka samu. In ba ka samu damar yin haka ba, ka rubuta yadda abin yake: ƙaninsa ya ba da labari da ƙarfe 4, ba a tantance ba tukuna.

Wannan ƙa'ida ta shafi duk wani giɓi. Rahoton bai ce an taɓa cikin an ji ko ya kumbura ko ya yi tauri ba. Bai ce an auna sukari ba. Bai faɗi ko akwai maganin da jikinsa ba ya karɓa ba. Gurbin da aka bari fayau, mai karɓa zai ɗauka lafiya lau ne. Rubuta “ba a duba ba” gaskiya ce da ke sa wani ya je ya duba. Cike gurbin da abin da aka rubuta jiya kuwa ƙarya ce, ko da ba da niyya aka yi ta ba.

## Mataki na uku: zuba kowane abu a gurbinsa

Gurbin S jimla biyu ko uku ne. Yana farawa da cikakken suna da lambar asibiti, domin lambar gado ba shaida ba ce: ana canza wa majinyata gado da dare, kuma a ɗaki guda ana iya samun Muhammadu uku. Sai babbar damuwa ta biyo baya nan take. Gwajin da za ka yi wa S ɗinka shi ne, da za a kira mai saurare waje bayan ka gama faɗinsa, shin ya san wannan mutumin na gaggawa ne ko kuwa zai iya jira?

Gurbin B shi ne inda aka fi cika surutu. Ba duk tarihin fayil ake so ba, sai abin da zai taimaka a fahimci S: aikin da aka yi da ranarsa, magungunan da yake kai, robobin da ke jikinsa, yadda yake a farkon duti. Canza zanin gado aiki ne da aka yi, ya zauna a littafin rahoto. Bandeji a bushe kuwa zai shiga, amma a gurbin A, domin yana nuna cewa ba ta bakin rauni ake asarar ba.

Gurbin A kashi biyu ne, awo da fahimta. Nas-nas da yawa suna tsayawa a kan awo saboda tsoron a ce sun shiga hurumin likita. Ba a neme ka ka yanke hukuncin cuta ba. An nemi ka faɗi abin da kake tsoro da dalilinka, kuma ko da ba ka san musabbabi ba, “jikinsa yana ƙara tsananta, ban san dalili ba” fahimta ce cikakkiya. A ganina wannan gurbin ne ya fi nuna ƙwarewar ma'aikacin jinya, domin shi ne ya kwana da majinyacin.

Gurbin R kuma dole kowane abu a cikinsa ya zo da aiki, da wanda zai yi, da lokaci. “A ci gaba da lura” ba ta ɗora wa kowa komai ba. “A sake awo kowane minti 30, a kira likita in lambar sama ta sauka ƙasa da 90” ta ɗora.

Ga yadda rahoton zai koma, bayan nas ɗin ta je gadon ta cike giɓin da za ta iya, ta kuma kira likita:

S: Malam wane, lambar asibiti kaza, shekara 34, gado na 7. Jikinsa yana tsananta tun ƙarfe 2 na dare: matsin jini yana sauka, bugun zuciya yana hawa, fitsari ya ragu, hankalinsa ya fara ruɗewa. Na kira likitan da ke kan kira da ƙarfe 6:15, ya ce yana zuwa, bai iso ba tukuna.

B: Kwana huɗu bayan aikin hudar hanji ta taifot. Kilo 60. Ba ya ci ba ya sha ta baki. Ruwa lita ɗaya a awa 8, seftiriyazon da metronidazol ta jijiya. Akwai robar fitsari da robar ciki. Fayil bai nuna akwai maganin da jikinsa ba ya karɓa ba. Da ƙarfe 10 na dare yana cikin hayyacinsa, matsin jini 118/76, bugu 96.

A: Da ƙarfe 6, matsin jini 98/60, bugu 118, numfashi 24, oksijin 95 ba tare da an sa masa iska ba, zafi 37.6 bayan farasitamol na ƙarfe 2, kafin nan 38.4. Da ƙarfe 6:10 ya faɗi sunansa amma bai san yana asibiti ba. NEWS2 10, daga 1 a farkon dare. Fitsari mililita 160 a awa 8, ƙasa da 240 da ake tsammani. Ruwa ya tsaya daga ƙarfe 3 zuwa 5, ya rasa kusan mililita 250. Robar ciki mililita 150, ruwan ya yi duhu. Ciki ya kumbura, yana jin zafi in an taɓa. Bandeji a bushe. Ba a ba da seftiriyazon na ƙarfe 6 ba. Ba a auna sukari ba. Ina tsoron cuta ta bazu a jini daga cikin ciki, tare da ƙarancin ruwa.

R: A fara da shi kafin kowa. In likita bai iso ba zuwa 6:45, a kira na sama da shi. A auna sukari yanzu. A sake awo kowane minti 30, fitsari kowace awa. A samo seftiriyazon a ba shi da zarar ya samu, a rubuta ainihin lokacin. A tambayi likita game da ƙarin ruwa da gwajin jini. Kada a ba shi komai ta baki, an sanar da ƙaninsa.

Karanta wannan a fili ba zai wuce minti biyu ba.

## Abin da ba a jira lokacin miƙa aiki a kansa

Ka lura da cewa a cikin S akwai kiran likita da ƙarfe 6:15. Idan kana cikin tsara takardar ne ka gano cewa majinyaci yana tsananta, ka ajiye biro ka ɗauki waya. Takardar miƙa aiki ba ta maye gurbin kiran gaggawa, kuma mutumin da makinsa ya kai 7 da ƙarfe 6 ba zai jira masu dutin safe su iso ba. Tsarin guda ne za ka yi amfani da shi a wayar, sai dai R zai canza bisa ga mai sauraro. Ga likita, buƙatarka ita ce ya zo yanzu ya duba, ya kuma faɗi abin da za a yi kafin ya iso. Ga abokiyar aikinka, buƙatar ita ce jerin ayyukan da suka rage da lokutansu.

## Yadda za ka gane takardar ba ta yi ba

Alama ta farko ita ce S ya fara da tarihin ranar da aka kwantar da majinyaci. Wannan yana nuna an kwafe rahoton ne yadda yake, an manna masa haruffa huɗu a gefe. Ta biyu ita ce awo ba lokaci, ko awo ɗaya tilo ba tare da na baya ba, yadda mai karɓa ba zai san ko 98 hawa ba ne ko sauka. Sai kalmomin da ba sa aunuwa: “da sauƙi”, “ba laifi”, “fitsari kaɗan”. Haka nan maganin da ba a ba da ba yakan ɓace daga takarda, wani lokaci saboda ana jin nauyin faɗa. Rashin kuɗin sayen magani ba laifin nas ba ne, kuma ɓoye shi yana sa likita ya ɗauka maganin ne bai yi aiki ba alhali bai shiga jiki ba.

Akwai kuma iyakar tsarin kansa. SBAR ba ya gyara awon da aka yi ba daidai ba. Numfashi ne aka fi yi wa wannan, inda za ka ga 20 a jere a duk takardar saboda an kintata maimakon a ƙirga na minti ɗaya cikakke. Haka kuma ba kowane majinyaci ke buƙatar dogon bayani ba: wanda yake jiran sallama layi ɗaya a kowane gurbi ya ishe shi, kuma lokacin da aka rage a kansa na mai gado na 7 ne. Don haka ka jera majinyatan bisa tsananin halinsu, ka bar bin lambar gado.

## A bakin gado

Miƙa aiki bai kammala ba sai mai karɓa ta maimaita R da bakinta: “Na ji, Sista. Sukari yanzu, awo duk minti 30, in likita bai zo ba zuwa bakwai saura kwata zan kira na sama.” Ta haka ake kama kuskuren ji tun kafin ya zama kuskuren aiki. Ku tsaya tare ku ga ruwan yana ɗiga, ku dubi jakar fitsari da robar ciki da idonku. A babban ɗaki inda gadaje suke kusa da juna, abin da ya shafi sirrin majinyaci, kamar sakamakon wasu gwaje-gwaje, a faɗe shi a teburin nas-nas da murya ƙasa-ƙasa. Takardar da ka yi lissafi a kanta kuma tana ɗauke da suna da lambar asibiti, kada ta bi ka gida a aljihu.

Rahoton asali yana nan yadda aka rubuta shi, ba a gogewa ba a sauyawa don ya dace da takardar SBAR. Abin da ka gano daga baya ka ƙara shi a sabon layi, da lokacin da ka rubuta, da sa hannunka.